Difens ɗin SIWES: minti goma aka ba mu, me zan faɗa, me zan bari?

Ummi_Sibil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An kafe mana ranar difens ɗin SIWES, wato kare rahoton horon aikin da ake tura ɗalibai, saura sati biyu. Sibil nake karantawa, kuma na yi wata shidana a wurin ginin wani bene mai hawa biyu a Kano. An ce kowa minti goma zai yi bayani, sai minti biyar na tambayoyi. Na haɗa silaid 26: tarihin ITF mai kula da SIWES, tarihin kamfani, jadawalin shugabanninsa, sannan duk abin da na gani tun daga awon fili, harsashi, ɗaurin rodi, zuba dekin, gwajin kankare har filasta. Da na gwada da agogo, minti goma ta cika ban ma fito daga harsashi ba. Don Allah waɗanda suka wuce wannan matakin, me zan yanke?

Sadiq_Zariya:
Wa alaikumus salam. Kada ki taɓa tarihin ITF. Mu lokacinmu tambayar farko da aka yi wa na gabana ita ce yaushe aka kafa SIWES. Ki haddace: ITF 1971, SIWES 1973, hedikwata a Jos. Sauran kuma ki ƙara sauri kawai, za su shiga.

Malam_Tsangaya:
Sadiq, shekarun da ka kawo daidai ne, kuma yana da kyau ta san su ko da an tambaya. Amma sani daban, cinye minti uku a kai daban. Ina zama a irin wannan kwamitin, a yini ɗaya ɗalibai da yawa ke wucewa ta gabanmu, kusan kowa da tarihin nan yake buɗewa. Ba ya nuna mana komai game da ɗalibin. Layi ɗaya ya isa. Maganar ƙara sauri kuwa ban yarda da ita ba sam, wanda ke gudu da baki ba a jin sa, kuma da lokaci ya cika za a tsayar da shi ko ya kai ƙarshe ko bai kai ba.

Ummi, abin da muke nema mu gane ɗaya ne: kin je wurin nan da gaske, kuma kin fahimci abin da aka yi a gabanki? Rahotonki yana hannunmu, logbuk ɗinki ma haka, jerin ayyukan duk suna ciki. Don haka amsa mini wannan tukuna: a cikin duk abin da kika lissafa, wanne kika yi da hannunki, ba kallo ba?

Ummi_Sibil:
Malam, gwajin kankare ne. Injiniyan wurin ya bar mini gwajin silam, wato auna laushin kwaɓi, da cika kiyub ɗin kankare da ake fasawa don auna ƙarfi, duk ranar da ake zubi, kuma ni nake raka su ɗakin gwaji ranar fasawa. Ɗaurin rodi na duba tazara da tef tare da shi. Awon fili kuwa sanda kawai na riƙe.

Malam_Tsangaya:
To ga difens ɗinki nan. Minti ɗaya ki faɗi ina kika yi, wane irin gini ne, wane mataki kika tarar, wane mataki kika baro. Minti biyu ki ratsa sauran ayyukan da hotuna, ki faɗi gaskiya cewa waɗannan kallo kika yi ko taimako. Minti biyar cur ki ba gwajin kankare. Ragowar ki faɗi matsalar da kika gani da shawararki. Silaid goma ko sha biyu sun ɗauke wannan.

Zee_Maikro:
Ni ma abin da ya fisshe ni ke nan bara, duk da fanninmu daban. A kamfanin ruwan leda na yi, na tsaya kan gwajin ƙwayoyin cuta a ruwa kaɗai, tun daga ɗibar samfur har ƙirga abin da ya tsiro a faranti. Duk tambayoyin da aka yi mini a nan suka tsaya, wurin da na fi ƙarfi. Abin da ka shimfiɗa a gabansu shi suke tambaya a kai. Wata ƙawata ta sa hoton wata na'ura da ba ta taɓa kunnawa ba don silaid ya yi kyau, a kan na'urar aka tsare ta.

Abba_Fainal:
Ki tabbata babi na biyu ya cika da nassoshi na kwanan nan, sannan ki san yadda kika zaɓi samfurinki. Mai jarrabawa na waje a nan yake kama mutane.

Zee_Maikro:
Abba, wannan difens ɗin furojet kake magana. Nata na SIWES ne, malaman sashe ne kawai, ba babi na biyu.

Abba_Fainal:
Af, to na gane. Allah ya ba da sa'a.

BabanSait:
Ƙanwata, ni a wurin gini nake aiki, bari in yi miki irin tambayar da za a yi miki. Faɗa mini yadda kike gwajin silam kamar ban taɓa gani ba. Da lambobi.

Ummi_Sibil:
To Yaya. Mazurarin ƙarfe ne, tsayinsa milimita 300, faɗin gindi 200, baki 100. Ina jiƙa cikinsa, in ɗora a kan farantin ƙarfe a wuri mai daidai, in taka kunnuwansa da ƙafa. Ina zuba kankare hawa uku, kowane hawa in soke shi sau 25 da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 16. In share bakin, in ɗaga mazurarin sama a hankali ba tare da karkatawa ba. Sai in kifa shi a gefe, in gitta sandar a kansa, in auna nawa kankaren ya zauna. Yawanci muna samun milimita 70 zuwa 80.

BabanSait:
Madalla, wannan bakin wanda ya yi ne. Haka za ki faɗa ranar, da hotonki kina awon a bayanki. Saura abu ɗaya: kin faɗi yadda ake yi, ba ki faɗi me lambar take nufi ba. Malami zai ce, to 75 ɗin fa, sai me? Amsar ita ce gwajin yana nuna laushin kwaɓin, ko zai shiga tsakanin rodi ya cika katako ba tare da ya bar ramuka ba. Ba ƙarfi yake aunawa ba. Amma idan kwaɓi iri ɗaya ne jiya ya ba da 75 yau ya ba da 150, to kusan kullum ruwa aka ƙara, kuma ruwan da ya wuce kima shi ke rage ƙarfi. Shi ya sa ake yin sa kafin a zuba, don sakamakon kiyub sai bayan kwanaki yake fitowa, lokacin kankare ya riga ya daskare a jikin gini.

Sadiq_Zariya:
Idan aka tambaye ki kwaɓi ki ce 1:2:4, shi ne giredi 25, wato kankare mai ƙarfin 25 N/mm². Kowane wurin gini shi ake yi.

BabanSait:
A'a Sadiq, nan ka kauce. Gaskiya ne 1:2:4 ya fi yawa a gine-ginenmu, amma ba wanda zai lamunce maka 25 da shi, ana ɗaukarsa a 20 ne ko ƙasa da haka, musamman in simintin mai lamba 32.5 ne. Kuma kada ta faɗi abin da aka saba, ta faɗi abin da aka yi a wurinta. Ummi, me kuka kwaɓa?

Ummi_Sibil:
Na fila da bim da dekin 1:1½:3 ne. Buhun siminti ɗaya, kwanon sarki uku na yashi, shida na tsakuwa, tunda ana lissafa buhu a kwano biyu. Ruwa kuma jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane buhu. Zanen ya nemi giredi 25. Lambar simintin ce ban riƙe ba.

Malam_Tsangaya:
Duba hotunan wayarki, a jikin buhu ake rubuta ta, 32.5 ko 42.5. In ba ta fito ba ki kira injiniyan ki tambaye shi. Sannan lura da abin da ke cikin amsarki: lita 25 na ruwa kilo 25 ne, buhu kilo 50, rabon ruwa da siminti ya zama 0.5 ke nan. Abin da aka koya miki a aji ne ya fito a jarka. Irin wannan haɗin muke so mu ji, kuma a nan maki yake, don dalilin tura ku ke nan.

Yanzu kawo sakamakon kiyub ɗaya mu bi shi tare.

Ummi_Sibil:
Na dekin farko. Kiyub mai milimita 150 kowane gefe. Mun cire daga mazubi washegari, muka rubuta kwanan wata a jiki, muka nutsar a ruwa. A kwana 7 matsakaicin nauyin da ya fasa su 380 kN, a kwana 28 kuma 585 kN. Takardar ɗakin gwaji ta rubuta 16.9 da 26.0.

Malam_Tsangaya:
Kada ki tsaya ga abin da takarda ta rubuta, ki iya fitar da shi da kanki a allo, don akwai malamin da zai miƙo miki maka. Fuskar kiyub 150 sau 150, wato 22,500 mm². Silaid ɗaya ki sa wannan kawai:

```
585,000 N / 22,500 mm² = 26.0 N/mm²
380,000 N / 22,500 mm² = 16.9 N/mm²
```

Sai ki yi bayani da baki. Na kwana 28 shi ake hukunci da shi, ya kai 26, ya haura 25 da aka nema. Na kwana 7 gargaɗi ne na wuri, ana sa ran ya kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, kuma 16.9 a kan 26 kashi 65 cikin ɗari ne, ya yi daidai. Ki kuma shirya wa tambayar da nake yawan yi: wace fuskar kiyub ake ɗorawa a na'ura?

Ummi_Sibil:
Kwantar da shi ake yi a gefe, fuskar da aka shafe da cokalin gini ba ta taɓa farantin na'ura. Mai ɗakin gwajin ya ce gefunan da suka kwanta a jikin mazubi su ne masu santsi kuma daidai da juna, nauyi zai bazu ko'ina.

Malam_Tsangaya:
Shi ke nan. Wanda ya kwafi rahoton wani ba ya iya amsa wannan.

Dan_Gwale:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Wai kuɗin alawus na ITF sai an yi difens ake biya? Kuma Fom 8 ɗina sufabaizan makaranta bai sa hannu ba.

Zee_Maikro:
Biyan ba ruwansa da makin difens, ta ofishin SIWES na makaranta sunaye suke tafiya. Fom 8 kuwa ka bi shi tun yanzu, akwai ɓangarenka, akwai na wurin da ka yi aiki da hatiminsu, akwai na makaranta. A sashenmu ba a bari ka tsaya gaban kwamiti sai logbuk da fom sun cika. Na ku sashen ka tambayi kodineta.

Ummi_Sibil:
Akwai abin da ban faɗa ba, shi ya fi damuna. Wata rana ana zuba filolin hawa na biyu, rana ta take, injiniya ya je karɓar rodi. Leburori suka ce kwaɓin ya yi tauri ba ya sauka, mai injin kwaɓa ya riƙa ƙara ruwa da bokiti. Da na yi silam na samu 160, kankaren ya baje a faranti, ruwan siminti yana gudu gefe yana barin tsakuwa. Na kira injiniya a waya ya dawo ya tsayar, amma an riga an zuba fila biyu. Kiyub ɗin kwaɓin nan a kwana 28 ya fashe a 430 kN, wato 19.1. In sa wannan a difens ko in bar shi?

Sadiq_Zariya:
Ki bar shi wallahi. Mutane sun karɓe ki wata shida, ki zo ki tona musu asiri gaban malamai? Gobe ƙannenki za su je neman gurbi a hana su. Kuma ke da kanki kike jawo wa kanki tambayoyi masu wuya.

Hajiya_Kwantiti:
Ina ganin Sadiq yana da hujja a rabin maganarsa. Sunan kamfanin yana bangon rahotonta, ko ba ta faɗa ba an sani. Malamai da yawa kuma suna aikin ba da shawara a waje, sun san 'yan kwangilar garin. Magana tana tafiya.

BabanSait:
Ya danganta da abin da aka yi bayan nan. Ummi, filolin biyu suna nan a ginin?

Ummi_Sibil:
A'a Yaya. Tun sakamakon kwana 7 ya fito ƙasa, aka hana ɗora komai a kansu. Injiniyan da ya zana ginin ya zo da gudumar Schmidt, wadda ake auna ƙarfin kankaren da ya daskare da ita, ya gwada su tare da na kusa da su, nasu ya fito ƙasa. Da na kwana 28 ya tabbatar, aka fasa su aka sake zubawa. Daga ranar kuma aka hana bokiti, sai jarkar awo.

BabanSait:
To ai wannan ba tonon asiri ba ne, yabo ne. Ƙara ruwa babu wurin ginin da ba a fama da shi, leburan da ke ɗauke da kwano a ka yana hawa tsani kwaɓi mai ruwa ya fi masa sauƙi. Abin kunya shi ne a gani a rufe da filasta. Su sun gwada, sun gano, sun fasa, sun ci asarar. Ni dai da ni ne injiniyan zan so a faɗa. Amma ki kira shi ki sanar da shi za ki kawo maganar, ki kuma nemi izinin hotunan. Kada ki sa fuskar kowa, kada ki ambaci sunan mai injin.

Malam_Tsangaya:
Na goyi bayan BabanSait. Ta fuskar kwamiti kuwa, wannan shi ne mafi daraja a duk abin da kika kawo. Yawancin ɗalibai in sun zo wajen matsaloli sai su ce kuɗin mota da zafin rana. Ke kina da matsala ta aikin injiniya, da sanadinta, da lambar da ta nuna ta, da matakin da aka ɗauka. Ki jera kwaɓin biyu a tebur ɗaya: silam 75 ya ba da 26.0, silam 160 ya ba da 19.1. Siminti ɗaya, yashi ɗaya, tsakuwa ɗaya, ruwa ne ya bambanta. Ki faɗe shi a yadda ya faru, ba zargi ba kuma yabon kai.

Abu ɗaya nake so ki duba a daren nan: me kika rubuta a logbuk na wannan satin? Muna buɗe shi ne kina magana.

Ummi_Sibil:
Na duba Malam. Ranar na rubuta zuba filoli da gwajin silam, amma ban sa lambar ba, ban kuma rubuta abin da ya faru ba. Satin fasawa dai na rubuta an fasa fila biyu an sake. Akwai fili a shafin, in ƙara?

Malam_Tsangaya:
Kul. Shafin da sufabaiza ya riga ya sa wa hannu da hatimi ba a ƙara masa komai. Sabon tawada a tsohon shafi ana gane shi, kuma daga nan za a fara shakkar sauran littafin. Abin da ke ciki ya isa ya tabbatar da kwanan wata. Ki zo da kwafin takardar ɗakin gwaji, in an tambaya ki miƙa.

Hajiya_Kwantiti:
Ni har yanzu ina ganin ta jira jin ta bakin injiniyan. In ya nuna bai so, teburin zai iya tsayawa a matsayin kwaɓi biyu da aka gwada, ba sai an shiga zancen fasa fila ba.

BabanSait:
Hajiya, in ta nuna 19.1 ta yi shiru, tambayar farko ita ce ina kankaren ya tafi. Gara ta faɗa duka ko ta bari duka.

Issoufou_Maradi:
Sannunku. Mu nan Nijar ma muna kare rahoton sitaj, irin SIWES ɗinku, gaban malamai, da Faransanci. Abin da ya taimake ni shi ne na fara yi wa wani magini maƙwabcinmu bayanin da Hausa. Duk inda na kasa faɗa da Hausa, na gane haddacewa na yi, ban fahimta ba. Bayan nan na maida shi harshen makaranta. Kuma a haddace jimlolin farko biyu ko uku, don a nan murya take rawa.

Zee_Maikro:
Ƙari a kan na Issoufou: ki ajiye fayil ɗin PowerPoint ɗin, ki kuma fitar da PDF, duka a filash da waya. Ki buga silaid ɗin a takarda ko da kwafi uku ne. Ranar tamu wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, aka ce a ci gaba da baki. Rubutu kuma ki rage shi, in kika cika silaid da layuka za ki juya wa malamai baya kina karantawa.

Dan_Gwale:
To in aka yi tambayar da ba ka sani ba fa? Wani ya ce mini kada ka taɓa cewa ban sani ba.

Malam_Tsangaya:
Wanda ya faɗa maka bai taɓa zama a kujerar tambaya ba. In aikin ba a yi shi a gabanka ba, ka ce ba a yi a gabanka ba, sannan ka faɗi iyakar abin da ka sani daga aji. Misali a tambayi Ummi yadda aka gwada ƙasa kafin harsashi, alhali ta tarar an gama. Ta ce ta tarar an wuce wurin, amma ta ga zanen harsashin, ga irinsa ga zurfinsa. Wannan amsa ce. Ƙirƙira kuwa tana jawo tambaya ta biyu da ta uku. Abin da ba a yafewa shi ne rashin sanin abin da ka rubuta da hannunka cewa ka yi.

Ummi_Sibil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira injiniya, ya ce in faɗa, in dai cire hoton da allon kamfani ya fito. Simintin 42.5 ne. Silaid sun dawo 12, na gwada da agogo na samu minti sha ɗaya da rabi. Ɗaurin rodi ne ke cin minti biyu, saboda ina bayanin biskit ɗin da ake sawa don rodi ya samu rufin milimita 25 a bim. Ina tunanin cire shi gaba ɗaya.

BabanSait:
Kada ki cire, rufin rodi tambaya ce da ba ta wuce ɗan sibil. Hoto ɗaya, jimla biyu: ga biskit, ga kaurinsa, yana hana danshi kaiwa ga rodi ya yi tsatsa. Jadawalin shugabannin kamfani yana nan har yanzu?

Ummi_Sibil:
Yana nan, kodinetanmu ya ce dole a nuna shi.

Malam_Tsangaya:
In kodineta ya ce dole, ki bar shi, kowane sashe da takardar makinsa. Ki nuna akwatin da kika zauna a ƙarƙashinsa ki wuce, daƙiƙa goma sha biyar. Ni rodin zan mayar silaid na ajiya bayan na ƙarshe, a buɗe shi in an tambaya. Ki nufi minti tara a gida, don a zauren za a ci wani abu wajen sallama da canza silaid.

Sadiq_Zariya:
Ni dai 1971 da 1973 ɗin nan kada a manta su. Ummi, waye shugaban kwamitinku, an faɗa muku ko sai ranar?